Kuɗin Ƙarin Kaya a Jirgi: A Auna Kwali Kafin a Ce Aikawa Ta Fi Sauƙi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku in yi magana kan shawarar da ake yawan ba matafiya, wai idan kaya sun yi yawa gara a aika su da a biya kuɗin ƙari a filin jirgi. Na bi shawarar nan, kuma ta ci mini kuɗi.

Bara 'yata ta haihu a Legas, na tashi daga Abuja da kayan jego: garin kunu, kanwa, yaji, daddawa, kuka da turamen atamfa. Tikitina ya ba ni kilo 20. Da aka ɗora jakunkuna a sikeli a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, sai ga kilo 32. Yarinyar da ke kan tebur ta ce kowane kilo na ƙari naira 1,500 ne a ranar, wato 18,000 ke nan a kan kilo 12. Ga layi a bayana, ga lokaci ya ƙure. Na buɗe jaka a gaban jama'a ina neman abin ragewa, warin daddawa ya cika wurin, na rufe na biya.

Da zan koma bayan wata uku sai na ce na yi wayo. Na ware barguna biyu da filo huɗu, na sa a kwali, na kai wani kamfanin aika saƙo. A sikelin gida kwalin kilo 8 ne. Ma'aikacin ya auna, sannan ya ɗauko tef ya gwada tsawo, faɗi da tsayi: santimita 60, 50 da 40. Ya ninka su, ya sami 120,000, ya raba da 5,000, ya ce, "Hajiya, kuɗin kilo 24 za ki biya." Na ce ɗan nan, ko duwatsu na zuba a ciki? Ya yi mini bayani cewa suna duba nauyin kaya da kuma wurin da kayan za su ci a mota ko jirgi, wanda ya fi yawa shi ake caji. Ba zalunci ya yi mini ba, ƙa'idar aikinsu ce, ni ce ban sani ba. Da na tafi da kwalin nan filin jirgi, kilo 8 ɗinsa za a lissafa, domin a tebur ɗin fasinja nauyi ake bi muddin girman kayan bai wuce iyaka ba.

Ashe juya rabon na yi. Kaya masu girma marasa nauyi, irin bargo da filo, su ya kamata su bi ni jirgi. Masu nauyi da ba sa cin wuri, irin gari da kanwa da atamfa, su ya kamata a aika.

Su ma ɗin, tasha ta fi musu sauƙi. A ƙananan motocin Utako ko Jabi ba kasafai ake ɗora kaya a sikeli ba, ɗan kamasho ne zai kalli buhu, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya yanke kuɗi, a yi ciniki. Amma a nan ma akwai lissafin da ba a faɗa. Za ki biya mota ta kai kayan tasha, wanda zai karɓa a can shi ma ya biya tasa, kuma sai ya zauna kusa da waya don direba ba zai jira shi ba. Sau da yawa shaidarki kawai lambar direba ce da lambar mota. Shi ya sa ba na ba da abu mai tsada sai a kamfanin da ke rubuta rasit da sunan mai karɓa. Idan ƙarin bai wuce kilo uku ko huɗu ba, kuɗin zirga-zirgar nan kaɗai zai cinye ribar, gara a biya a filin jirgi a huta.

Roƙona ga kamfanonin jirage shi ne su rubuta kuɗin kowane kilo na ƙari a jikin tikiti, kusa da kilon da suka ba fasinja, kuma a ajiye sikeli a bakin ƙofa inda mutum zai auna kayansa tun ɗan rakiyarsa bai juya da mota ba. Da akwai shi a ranar, da garin kunun nan ya koma Kubwa ya bi motar safe.

Taku,
Mai karatunku daga Kubwa, Abuja