Maigidana yana ɓoye mini asarar caca, kuɗin adashina ma sun tafi

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya ke da abokan aikinki. Daga Tawa nake rubutowa, kuma don Allah a sakaya sunana, dangin mijina suna sauraron shirinki.

Kuɗin adashina ne suka ɓace. Mu 12 ne, kowa tana zuba jika 5 a mako, kwasa ta zo kaina jika 60 na sefa, uwar adashi ta turo mini a waya. Na yi niyyar biyan sauran kuɗin lakwal na babbar 'yata, abin da ya rage in ƙara a jarin ƙuli-ƙuli. Da na je cirewa, mai shagon ya ce jika 4 ne kawai a ciki. Maigidana ya san lambar sirrina, shi ya buɗe mini asusun, layin ma da katinsa aka yi rajista. Wace mace ce take ɓoye wa mijinta lamba huɗu?

Ya rantse bai taɓa ba, ya ce ɓarayin waya ne. Saƙonnin da ke shigowa idan an fitar da kuɗi duk an goge su. Ƙanena ne ya duba tarihin asusun: jika 5, jika 10, jika 15, sannan jika 26, duk a dare ɗaya, duk zuwa wurin cacar ƙwallo. Ya ce haka mai caca yake yi, in ya faɗi sai ya ƙara zubi don ya maido na farko.

Ni dai na daɗe ina ganin alamu. Albashinsa jika 120 ne, haya jika 25, a da sai wata ya yi nisa kafin a fara ƙorafi. Yanzu kafin 10 ga wata ya ce an yanke masa, ko ya ranta wa wani abokin aiki da ban taɓa jin sunansa ba. Kuɗin cefane ya koma yau akwai, gobe "ki lallaba". In ana wasan Turai, yana fada har tsakar dare, ya dawo ko tuwo ba ya kallo. Wani dare kuwa ya shigo da kilishi da turmin atamfa yana dariya, ashe ranar ya ci ne. Kuma mutumin nan, Hajiya, shi ne mai yi wa yara faɗa in sun bar fitila a kunne.

Da na matsa masa ya nuna mini wani tikiti: wasa goma ya haɗa da jika 2, wai da duka sun faɗa daidai jika 300 zai ɗauka. Tara sun yi, ɗaya ya kuskure, kuɗin duka sun tafi. Shi a ganinsa saura ƙiris. Ya ce don mu yake yi, yana so ya saya mana fili. Har yanzu bai faɗi nawa ya rasa ba, kuma bai ce shi ya ɗauki nawa ba.

Na manta ban faɗa miki ba, mai kantin unguwarmu ya tare ni da littafi, shinkafa da mai da sukari na jika 18, an rubuta da sunana. Yaro ake aikawa a ce in ji ni. Ko kayan ban gani a gidana ba.

Yanzu na yanki sabon layi da katina, na sa lambar da ni kaɗai na sani, na gaya wa uwar adashi can za ta riƙa turowa. 'Yan kunnena na zinariya na kai wurin innata. Mai kanti na ce kada ya ƙara ba da bashi sai ya gan ni da idonsa. Maigidan ya ce na mai da shi ɓarawo a gidansa, ba ya yi mini magana. To, ba dukiyata ba ce? Na san a addini abin mace nata ne, ci da sha da muhalli kuma a wuyan miji suke.

Abin da ya fi ƙarfina albashinsa ne, ba ya bi ta hannuna. Yayata ta ce in nemi ranar da kuɗi suka shiga a biya haya kai tsaye, a sayi buhun hatsi da na shinkafa, a kai kuɗin lakwal, abin da ya saura ya yi yadda ya ga dama. Ta yaya zan sa ya yarda ba tare da an kira babban wansa ba? In wan ya ji, uwar mijina ta ji, ita kuwa cewa za ta yi ni na tona asirin ɗanta. Bashin kantin ma yayata ta ce kada in biya, in na biya na share masa hanyar cin wani bashin. Amma sunana ne a littafin, ni ke bi ta ƙofar shagon kullum.

In biya ko in bari? Kuma in ya sake rantsuwa ya daina, da me zan gane gaskiya ne, tunda wayarsa tana aljihunsa?

'Yarki daga Tawa.