Amsa ga ɗalibinmu na Alƙahira: gatsen yana cikin hoton

"Malam, shekarata huɗu ina karatu a Alƙahira. Hotunan barkwancin da ake turo min daga gida, wasu ban ma gane rubutun da ke ƙasansu ba: 'ya ci taliyar ƙarshe', 'zan yi wuf da ke', 'an zo wurin'. Waɗanda na gane kuma, in na yi dariya abokin ɗakina Bamisre ya tambaye ni, sai na fassara masa ya tsaya yana kallona. Yaya ake bayyana gatse da karin magana ga wanda ba Bahaushe ba?"

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai.

Bari mu sallami masu sauƙin tukuna. Waɗannan ukun sara ce, wato Hausar da ake yayi, wadda takan zo ta yi tashe ta wuce kamar ɗinkin Sallah. Wanda "ya ci taliyar ƙarshe" tasa ta ƙare, asirinsa ya tonu ko damarsa ta kuɓuce, ba sauran daɗin da zai ƙara ci a wurin. An fi jifan ɗan siyasar da ake ganin ba zai dawo ba da ita, ko saurayin da aka kama yana yaudarar 'yan mata biyu. "Wuf" kuwa ka san ta tun kana yaro: mage ta yi wuf ta cafke ɓera. Samari ne suka ɗauke ta suka kai ta fagen aure, sai "zan yi wuf da ke" ta zama zan aure ki da gaggawa kafin wani ya riga ni. "An zo wurin" ana cewa idan zance ya iso daidai inda kowa ke jira, musamman inda ake kauce wa faɗa. Sara ba ta da wuya, sai dai ba a koyonta daga nesa, kuma wadda na ba ka yau wataƙila kafin ka dawo gida yara sun bar wa iyayensu ita.

Tambayarka ta biyu ce mai nama, a kanta zan zauna.

Ka lura da yadda gatse ke aiki a baki. Yaro ya fasa tulu, uwarsa ta dube shi ta ce, "Sannu da aiki. Ga ɗayan can, je ka fasa shi ma." Babu kalma ɗaya ta faɗa a ciki. Da za ka rubuta maganar a takarda ka miƙa wa baƙo, cewa zai yi an gode wa yaron an kuma ƙara masa aiki. Amma yaron ba zai je ba. Ya ji yadda ta ja "sannu", ya ga idonta, ya kuma ga tulun a fashe a gabansu. Abu uku ke nan suka haɗu: kalma, murya, da abin da ido ke gani. Gatse yana zaune ne a inda kalmar ta saɓa wa sauran biyun.

To a waya babu murya. Rubutunmu na boko ko karin sauti da tsawon wasali ba ya nunawa, balle jan baki da harara. Shi ya sa aka sa hoto. Hoton shi ke yin aikin da murya da ido suke yi a tsakar gida. Kai kuma da ka tashi yi wa abokinka bayani, sai ka fassara masa rubutun kawai, ka bar hoton a matsayin ado. Ka ba shi kalaman uwar, ka ɓoye masa fasasshen tulun. Ina zai ga abin dariya?

Mu ɗauki guda ɗaya mu bi shi daki-daki. Ka tuna irin hotunan da suka cika wayoyi bayan ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a garuruwanmu cikin 'yan kwanaki. A ce ga hoton magidanci sanye da babbar riga yana tura babur a rana, gumi na zuba, a ƙasa an rubuta: "Mun gode, Allah ya saka." Kada ka fara da rubutun. Ka rufe shi da yatsa, ka tambayi abokinka me ya gani. Zai ce mutum ne a wahala, mai ya ƙare masa. Sai ka ba shi labarin da kowane mai kallo a gida ya riga ya sani, cikin jimla ɗaya tak: farashin mai ya kusa ninka uku a mako guda. Bamisre ba ya buƙatar dogon sharhi a nan, shi da ya ga yadda fam ɗinsu ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala a watan Maris na 2024. Daga nan ka ɗage yatsanka ka karanta masa "mun gode". Ka tambaye shi: wa ake gode wa, a kan me? In ya yi murmushi, to ya kama, ka yi shiru haka nan.

Rabin na biyu kuma shi ne inda gwanintar take, kuma yawancin masu fassara a nan suke zubar da ita. "Allah ya saka" ba a ƙarasa ta ba. Da godiya ce ta gaskiya, da an ce "Allah ya saka da alheri". Da aka yanke ta, sai ta koma maganar wanda aka zalunta, "Allah ya saka mana". Jimla ɗaya, fuska biyu, mai rubutun kuma in an tsare shi zai ce shi addu'a ya yi. Wannan sai ka faɗa wa abokinka ƙarara, don ba zai taɓa hango kalmar da aka cire ba.

Wannan yankewar ita ce kuma mabuɗin karin magana a cikin hotunan nan. Da yawa daga karin maganarmu gida biyu ne: a faɗi magana, sannan a kawo wanda ya faɗe ta ko halin da aka faɗe ta. "Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama." "Ko a jikina, an tsikari kakkausa." Mai haɗa hoto yakan rubuta gidan farko kawai, ya bar hoton ya zauna a madadin na biyu. Sai ka ga akuya ta shiga har madafi ta tusa kai cikin tukunya, tana kallon mai ɗaukar hoton ido cikin ido, a ƙasa an rubuta "Ƙarfin hali." Kai kana karantawa kunnenka ya ƙarasa maka sauran, ka ga akuyar ta zama ɓarawon da ya yi sallama. Abokinka kuwa fassarar da ka ba shi ita ce jarumta, ya ga akuya, ya rasa abin da ya haɗa su. Don haka a irin wannan, ka fara ba shi karin maganar cikakkiya. Ka sa ya hango ɓarawo a ƙofar gida tsakar dare yana cewa "salamu alaikum". Shi Musulmi ne ko maƙwabcin Musulmi, wannan hoton kaɗai zai ba shi dariya. Sannan ka nuna masa akuyar.

Kuma kada wani ya ce maka yaran yanzu ne suka ɓata karin magana da wannan sauye-sauyen. Kakanninmu sun ce "abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki". Da 'yan sanda suka zo, aka ce "matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo". Gidan farko yana nan, na biyu ne ake sake wa riga. Yanzu rigar hoto ce, shi ke nan.

Akwai wurin da nake so ka taka a hankali, don kana zaune ne cikin masu Larabci. Mun ari kalmominsu da yawa, mun kuma sa su aikin da ba su sa su ba. In ya ga "Innalillahi" da fuskokin dariya uku a ƙarƙashin hoton wanda aski ya lalace masa, zai iya ɗauka mutuwa ake wa dariya, alhali mu mamaki ne ya yi mana yawa. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne "shege". Ɗan ƙwallo ya yanke mutum uku ya zura, aka rubuta "Shegen yaro!" Kai ka san yabo ne. Amma in ka juya ta kalma da kalma zuwa Larabci, ka zagi uwar yaron, ka kuma nuna wa abokinka cewa haka muke zagin iyaye muna dariya. A nan ba ma'anar kalma za ka ba shi ba, aikinta za ka ba shi: abin da ake faɗa idan gwaninta ta wuce misali. Na taɓa yin wannan kuskuren da wani baƙo da muka yi aiki tare, na fassara masa "ɗan banza" da wani ya ce wa amininsa cikin raha. Kwana biyu yana ƙoƙarin sulhunta mutanen da ba su yi faɗa ba.

Dabarar da ta fi duk waɗannan sauƙi ita ce ka nemi tasu. Ka saurari yadda Misirawa ke cewa "ya salam". Da wata murya sha'awa ce, an ga abu mai kyau. Da wata muryar kuma, an ja ta an ɗaga gira, ma'anarta "kai, raina mana hankali za ka yi?" To ka ce masa "sannu da ƙoƙari" ɗinmu da "to madalla" haka suke, irin "ya salam" ta biyun. Minti ɗaya ya ishe ku. Kuma zai ji daɗi, don ka nuna masa kana jin harshensa har cikin lungu.

Wani abin kuma ba gatse ba ne, kada ka haɗa su. Habaici yana da wanda aka nufa, ba a dai kama suna ba. Idan ƙanwarka ta ɗora hoton kaza da rubutun "wasu dai ba sa son ganin ci gaban mutum", babu saɓani tsakanin hoto da kalma da za ka tono. Da wata take, kuma wadda ake yi dominta ta gane. Iyakar bayaninka ga abokinka shi ne saƙo ne aka aika ta bayan gida. Haka nan in ka ga Bakano ya sa hoto yana tsokanar Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, ka gaya masa wasa ne na gado tsakaninsu, ba gaba ba, kuma wanda ba ya cikin wasan ba ya sa baki. Wannan na ƙarshen ka jaddada masa, don kada ya ji daɗin abin ya je ya gwada a kan wani ɗan Maiduguri a jami'a.

Wasu kuma, gaskiya, ka ƙyale su. Wanda dariyarsa ta dogara ga karin harshe, kamar Bakano yana kwaikwayon Sakkwatanci, ko ga fuskar wani ɗan wasan Kannywood da sai wanda ya shekara goma yana kallonsa ya san abin da harararsa ke nufi, in ka ce sai ka bayyana, shayinku zai huce ba ku gama ba. Ka ce masa wannan na 'yan gida ne, ka nemo masa na akuyar.

Ka gaishe min da shi. In ya gane na ɓarawo da sallama, ka gwada shi da matar ɗan sanda, ka rubuto min yadda kuka ƙare.

Naka,
Malaminka na Hausa