Amsa Ga Ustaz Kan Tsofaffin Takardun Jarrabawa

"Ina tambayar mai koyar da yaranmu a Gadarif, a gaban kowa: me kake koya musu ban da haddar aku? Ka tara tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu, yaro ya haddace ya je ya amayar, kai kuma ka karɓi kuɗinka. Shin lauyoyi kake haifa mana ko masu kwafi?"

Assalamu alaikum, Ustaz.

Tun da a gaban jama'a ka yi tambayar, a gaban jama'a zan amsa, tare da kiyaye girman da shekarunka a wannan sana'a suka ba ka. Maganar kuɗi ba za ta ɗauke mu lokaci ba: iyayen yaran suna raye, a Gadarif da Mai Wurno da Kasala, kuma sun san abin da suke bayarwa da abin da ba sa bayarwa. Abin da ba zan bari ya wuce ba shi ne batun hadda, domin ya nuna cewa ka yanke hukunci a kan darasin da ba ka taɓa zama a cikinsa ba, alhali kai ne ka sha gaya mana cewa alƙali ba ya hukunci da jita-jita.

Ga yadda ake yi. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar mu'adala, wadda ba a shiga aikin lauya a Sudan sai an haye ta, ana ba shi tambaya ɗaya ba tare da amsarta ba. Ya rufe littafi, ya rufe Dokar Laifuka ta 1991, ya duba agogo, ya rubuta cikakkiyar amsa da Larabci cikin minti 30 kamar yana ɗakin jarrabawa. Sai ya ajiye alƙalami kafin a miƙa masa jerin abubuwan da ake sa ran gani a amsa mai kyau. Wanda ya leƙa jerin kafin ya rubuta ya ɓata tambayar, domin daga nan duk abin da ya karanta zai ji kamar dama ya sani, kuma wannan jin shi ne babban abin da ke kayar da ɗalibai masu ƙwazo. Gane amsa idan an gan ta abu ne mai sauƙi. Fito da ita daga kai a kan farar takarda shi ne abin da ake gwadawa.

Bari in kawo tambaya guda da na tsara a kan salon tsofaffin takardun, ka gani da idonka ko hadda za ta fid da mutum. Wani ɗan bindiga ya tare direban babbar mota da yaron motarsa da dare, ya ɗora wa direban bindiga a wuya, ya umarce shi ya fasa kwaɗon wani sito ya loda buhunan riɗi. Direba ya yi. Da za su fita, mai gadi ya tsaya a bakin ƙofa, ɗan bindiga ya ce wa direba ya bi ta kansa ko ya harbe shi, direba ya taka mota, mai gadi ya ji mummunan rauni. Wani maƙwabci ya ɗauki motar wani mutum ba da izini ba ya garzaya da mai gadin asibiti, amma rai ya yi halinsa. A hanya kuma bindigar ta suɓuce daga hannun ɗan fashin, ya diro ya juya zai gudu, yaron mota ya bi shi da ƙarfen taya ya buge shi a ƙeya, ya mutu. A tattauna alhakin direba da maƙwabci da yaron mota.

Ɗalibin da ya haddace zai rubuta cewa sashe na 13 ya ɗauke laifi daga wanda aka tilasta, ya jero sharuɗɗan ikrahi, wato tilastawa, daidai, ya wanke direba gaba ɗaya, ya fita yana murna. A kan fasa sito yana da gaskiya, muddin ya ɗaura kowane sharaɗi a kan abin da ya faru: barazanar ta kisa ce, ta nan take ce domin bindiga tana wuya, direba yana da rinjayen zaton za a aiwatar da ita, kuma ba shi da wata hanyar kaucewa a cikin dare babu jami'i kusa. Amma ƙaramin sashe na 2 na wannan sashen ya ce ikrahi ba ya halatta jawo mutuwa ko mummunan rauni, don haka kariyar da ta rufe satar riɗi ba ta kai ga mai gadi ba. A nan ɗalibi na biyu, wanda ya fi na farko karatu, yakan faɗa rami na gaba: ya tuna wannan togaciya, ya ce to direba ya yi kisan ganganci ƙarƙashin sashe na 130, hukuncinsa kisasi, ya rufe magana. Shi ma ya bar maki a ƙasa, domin sashe na 131, a ƙaramin sashensa na 2, ya lissafa kisan da aka yi ƙarƙashin barazanar kisa cikin abubuwan da ke sauko da laifi daga amdi, wato kisan ganganci, zuwa shibhul amdi, wato mai kama da ganganci, inda hukunci yake zama ɗauri tare da haƙƙin diyya. Cikakkiyar amsa tana tafiya mataki uku: aikin ya cika siffar kisan ganganci tun da mutuwa ita ce sakamako mai rinjaye ga wanda babbar mota ta taka, ikrahi bai wanke shi ba, amma ya sassauta laifin. Sassan biyu suna nesa da juna a cikin dokar, kuma wanda yake karanta ta babi bayan babi yakan yi wata guda tsakaninsu ba tare da ya haɗa su ba. Tambaya irin wannan ce take tilasta masa haɗawa.

Maƙwabci ya fi sauƙi, amma a kansa ake gane wanda ya cakuɗa ikrahi da larura. Babu wanda ya umarce shi da ɗaukar motar. Halin da ake ciki ne ya matsa masa, don haka sashe na 15 ne gidansa. Abin da ake nema shi ne haɗari mai girma da ya riga ya ƙarato, wanda ba shi ya jawo da gangan ba, babu wata hanyar kauce masa, kuma cutar da ya jawo ba ta kai wadda yake gudu ba. Rai a gefe guda, amfani da motar wani na ɗan lokaci a ɗaya gefen. Mutuwar mai gadin daga baya ba ta rushe kariyar ba, kuma ɗalibai da yawa ba sa faɗin haka.

Yaron mota kuwa shi ne inda nake so ka tsaya, Ustaz, domin a nan ne zarginka ya rushe. Sashe na 12 ya ba da haƙƙin kare kai idan haɗarin hari yana gudana ko yana gab da faruwa, kuma ya yarda kariyar ta kai ga kisa idan abin da ake tsoro mutuwa ne ko mummunan rauni ko fashi da makami da makamantansu. Duk wannan yana nan kafin bindiga ta faɗi. Tambayar ita ce ko yana nan bayan mutumin ya juya baya. Ɗalibi zai iya cewa haɗari ya ƙare, haƙƙin ya ƙare tare da shi, bugun ƙeya ramuwa ce, sannan ya duba ko tsananin tunzurawa na ba-zata zai sassauta laifin. Wani zai iya cewa daƙiƙu kaɗan ne tsakani, dare ne, bindiga tana ƙasa kusa, yaron ya wuce iyakar kare kai ne da kyakkyawar niyya, wanda shi ma sashe na 131 ya mayar shibhul amdi. Jerin da nake ba su ya karɓi kowace daga cikin biyun, da sharaɗin ɗalibi ya kama juyawar bayan da wurin da bugun ya sauka ya gina hujjarsa a kansu. Ka gaya mini yadda ake haddace amsar da take da ƙarshe biyu.

Bayan rubutu sai gwadawa, kuma ita ma tana da ƙa'ida. Ɗalibi ya ɗauki jan biro ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya, kada ya ba kansa maki a kan abin da yake cikin ransa amma bai sauka a takarda ba. Kowane makin da ya rasa ya rubuta dalilinsa a gefe, domin ba ciwo ɗaya ba ne. Idan bai ma lura cewa maƙwabci yana da mas'ala ba, matsalarsa gaggawar karanta tambaya ce, maganinta kuma ya riƙa jero mutane da ayyukansu a minti biyar na farko. Idan ya lura amma ya kawo sharaɗin da ba daidai ba, ya koma ga nassin dokar. Idan kuma ya jero sharuɗɗa tsaf amma babu direba babu bindiga a cikin amsarsa, to shi ne mai haddar da kake kuka da shi, kuma wannan gwajin ne kaɗai yake tona shi tun kafin ranar jarrabawa. Bayan mako guda ya sake rubuta tambayar, amma da an canza abu ɗaya a cikinta, misali a ce barazanar ta ƙona motar ce ba ta kisa ba, ya ga wane sashe ya tsaya, wanne ya faɗi.

Hanyar tana da iyaka, kuma ba na jiran ka nuna mini ita. Amsoshin da ke yawo a hannun ɗalibai ba duka ne masu inganci ba. Wasu an gina su a kan dokar 1974 ko ta 1983, ita kanta dokar 1991 an yi mata gyare-gyare, har da na 2020, don haka nassin da ke aiki yau shi ne alƙali a kan kowane jeri. Yaranmu masu karanta littattafan da 'yan'uwa ke aiko musu daga Kano ko Sakkwato suna da nasu haɗarin, domin dokar laifuka ta Arewacin Najeriya daga tsohuwar dokar Sudan aka ɗauko ta, kalmomin suna kama da juna, amma lambobin sassa da rabe-raben kisa sun bambanta da namu na yanzu.

Abin da ya fi damuna, Ustaz, shi ne lokacin da ka zaɓa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ɗaliban shari'a da yawa sun baro Khartum ba littafi ba malami, wasu suna karatu a waya ɗaya su uku. A duk tsawon wannan lokaci ban ji manyanmu masu ofisoshi sun buɗe ƙofa sun ce yaro ya zo ya zauna ya ga yadda ake rubuta mazakkara, takardar hujjojin da lauya ke miƙa wa kotu, ba. Sai da aka fara jin sunayen 'ya'yan Hausawa cikin waɗanda suka haye muka ji muryarka, kuma ba ta taya murna ba ce. Ba na zargin ka da hassada, Allah ya kiyaye. Ina dai lura da jerin abubuwan da suka faru, kamar yadda ka koya mana.

Muna zama ranar Asabar bayan la'asar. Zan ajiye maka kujera da farar takarda da sabuwar tambaya a kan larura, minti 30 kamar kowa, jerin amsar kuma sai ka ajiye alƙalami. Idan ka ga kuskure a cikin jerin, ka gyara shi a gaban yaran da lambar sashe.

Wassalam,
Ƙaninka a sana'a, daga Gadarif.