Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Matashin Argungu Da Ya Tambaye Ni Kan Jerin Sunayen 'Yan Wasa

"Malam, musu ya ƙi ƙarewa a majalisarmu kan fim ɗin Sholay. Ni na ce Dharmendra ne jarumin fim ɗin tunda sunansa aka fara rubutawa, abokaina suka ce Amitabh ne. Ashe ba wanda aka fara rubuta sunansa ba ne jarumi a kowane fim?" In ji wani matashi daga Argungu.

Assalamu alaikum, ƙanena. Ina gaishe ka daga Gusau, tare da sauran 'yan majalisarku.

Kana da gaskiya a abin da idonka ya gani, domin sunan Dharmendra ne na farko, sai dai ka ɗora wa wannan hujja nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Jerin sunayen da ke fitowa a farkon fim ba marubucin labari ne ke tsara shi ba. Abu ne da ake ciniki a kansa tsakanin furodusa da 'yan wasa ko wakilansu, kuma a manyan masana'antu ana rubuta shi a cikin yarjejeniyar aiki tun kafin a kunna kyamara: wa zai zo farko, wa sunansa zai hau saman sunan fim, har girman haruffan da za a rubuta sunan mutum da su a jikin fasta. Saboda haka abin da jerin yake gaya maka shi ne darajar kowane ɗan wasa a kasuwa a ranar da aka ƙulla maganar. Sau da yawa mai daraja a kasuwa shi ake bai wa babban matsayi a labari, shi ya sa ƙa'idarka take cin nasara a fim mai jarumi guda. Amma a fim ɗin da aka tara taurari, abubuwan biyu sukan raba hanya.

Bari mu zauna a kan Sholay ɗin. Ramesh Sippy ne ya ba da umarninsa, ya fito a watan Agustan 1975, kuma jerin sunayensa ya fara ne da Dharmendra, sai Sanjeev Kumar, sai Hema Malini, sannan Amitabh Bachchan a na huɗu, sai Jaya Bhaduri, aka rufe da Amjad Khan a matsayin wanda ake gabatarwa. Duk wanda ya san matsayin Amitabh a yau zai yi mamakin ganinsa a na huɗu, amma a lura da lokacin da aka ɗauke shi aikin. An fara ɗaukar Sholay a 1973, shekarar da Zanjeer ya fito ya ɗaga shi, kuma kafin Zanjeer fina-finansa da dama ba su yi kasuwa ba. Shi kuwa Dharmendra, wanda magabatanmu masu zuwa silima suke kira Sarkin Ƙarfi, tauraronsa yana haskawa tun Phool Aur Patthar na 1966. Ban da haka, Dharmendra da Sanjeev Kumar da Hema Malini su ne suka yi wa wannan daraktan Seeta Aur Geeta a 1972, fim ɗin da ya kawo kuɗi sosai. To ka ga mutum ukun da ke saman jerin su ne waɗanda kasuwa ta riga ta gwada ta amince da su. Da an fara aikin bayan fitowar Deewaar a farkon 1975, a ganina da wuya Amitabh ya tsaya a na huɗu, alhali ko kalma ɗaya ta labarin ba za ta canja ba.

Yanzu ka ajiye jerin a gefe ka tambayi labarin da kansa. Tambaya ta farko ita ce, buƙatar wane ne ta tayar da labarin, ta yadda in an cire ta babu dalilin da zai sa sauran su motsa? A Sholay amsar ba Veeru ba ne, wato Dharmendra, kuma ba Jai ba ne, wato Amitabh. Thakur ne, tsohon ɗan sandan da Sanjeev Kumar ya fito a matsayinsa. Shi ne ɗan fashi Gabbar Singh, wato Amjad Khan, ya kashe wa iyali ya kuma sare wa hannuwa biyu, shi ne ya nemo ɓarayin nan biyu, Jai da Veeru, ya ɗauke su haya su kamo masa Gabbar da ransa, kuma a ƙarshe shi aka bar wa Gabbar ya tattake shi da takalmi mai ƙusoshi. Fim ɗin da buƙatar Thakur ya buɗe, kuma da ramuwarsa rikicin ya mutu. Wannan ba ra'ayina ni kaɗai ba ne, domin a gasar Filmfare ta 1976 Sanjeev Kumar ne aka saka cikin masu neman kambun babban jarumi saboda Sholay, ba Dharmendra ko Amitabh ba.

Tambaya ta biyu ita ce, da wa mai kallo yake tafiya, wa kyamara take bi daga wuri zuwa wuri? A nan kuma Thakur ya koma baya, domin da Jai da Veeru muke shiga gidan yari, da su muke isa ƙauyen Ramgarh, kuma kusan ba a raba su sai a wurin soyayya. Tambaya ta uku ita ce, wa ya yanke shawarar da ta fi kowace tsada? Jai ne. Shi ne ya jefa kwabon da suke yin ƙuri'a da shi, ya tura Veeru ya tafi da budurwarsa Basanti, ya tsaya shi kaɗai a bakin gada har ya rasa ransa, sai daga baya Veeru ya gano cewa kwabon fuska iri ɗaya ce a ɓangarorinsa biyu, wato Jai ya san abin da ya zaɓa tun kafin ya jefa. Wannan wurin ne ya zauna a zuciyar abokanka, kuma ba su yi laifi ba. Shi kuwa Veeru shi ne ya fi waƙa da barkwanci, shi ne ya hau tankin ruwa yana barazanar faɗowa, kuma shi ne ya rayu ya tafi da Basanti a jirgin ƙasa. Tambayoyi uku sun ba ka amsoshi mabambanta, kuma wannan ita ce alamar da ake gane cewa an raba nauyin fim da gangan. A fim mai jarumi guda, duk amsoshin a kan mutum ɗaya suke sauka.

Akwai misalin da ya fi wannan fitowa fili. A Superman na 1978, sunan Marlon Brando ne na farko, na Gene Hackman na biyu, sai Christopher Reeve, wanda shi ne Superman ɗin da aka sa wa fim sunansa, ya zo bayansu. Brando uban jarumi ya fito, kuma yawancin fitowarsa a farkon fim ɗin ta ƙare. Reeve a lokacin ba a san shi ba, su kuwa biyun kowannensu ya riga ya ci kyautar Oscar, kuma da sunayensu aka jawo masu zuba kuɗi. Abin kamar katin gayyatar ɗaurin aure ne a garuruwanmu, inda za ka ga uban taro da babban baƙo na musamman sun cika shafi da manyan haruffa, amma ba wanda zai karanta ya ce su ne angwaye.

Wani lokacin ma masu fim da kansu suke toshe ƙofar da kake son bi. A The Towering Inferno na 1974, Steve McQueen da Paul Newman ba wanda zai yarda ya biyo bayan ɗan'uwansa, sai aka rubuta sunan McQueen a hagu amma ƙasa-ƙasa, na Newman a dama amma sama-sama. Mai karantawa daga hagu zuwa dama McQueen zai fara gani, mai karantawa daga sama zuwa ƙasa kuwa Newman. Duk lokacin da ka ga sunaye biyu a karkace haka, saƙon shi ne an daidaita su, kada ka wahalar da kanka neman na farko.

Don haka kafin ka kafa hujja da kowane jeri, ka fara duba wane irin jeri ne. Idan ka ga an rubuta "in alphabetical order", an bi harufan sunaye ne kawai, kuma wani lokaci ba a ma rubuta hakan, sai kai ka duba harafin farko na sunan mahaifi ko na dangi. Shirin talabijin na Friends haka yake: Aniston, Cox, Kudrow, LeBlanc, Perry, Schwimmer, kuma zuwan Jennifer Aniston a farko harafin A ne ya ba ta. Idan ka ga "in order of appearance", wanda ya fara bayyana a allo ne aka fara rubutawa, ko da mai gadi ne ya buɗe ƙofa bai sake fitowa ba. Wannan ya fi yawa a dogon jerin ƙarshen fim, shi ya sa jerin farko da na jikin fasta suka fi shi amfani a irin musunku. Sannan kada ka ɗauka na ƙarshe shi ne mafi ƙanƙanta. Sunan da aka ware a ƙarshe da kalmar "and" ko "with" gurbin girmamawa ne, wanda akan bai wa dattijo ko babban tauraron da fitowarsa ba ta da yawa. Pran, shahararren bos ɗin nan na fina-finan Indiya, ya daɗe ana rufe jeri da sunansa a haka, har aka sa wa littafin tarihin rayuwarsa suna da wannan lafazin. A Sholay ma wannan gurbin na ƙarshe aka ware wa Amjad Khan, kuma kai ma shaida ne cewa maganganun Gabbar sun fi na kowa yawo a bakin mutane.

Fasta kuwa sai an yi hattara da ita ninki biyu, musamman ta tsohon fim da aka sake bugawa ko aka yi wa fassarar Hausa. Mai sayarwa fuskar da ke ja a yau yake ƙara wa girma, ba ruwansa da yarjejeniyar da aka yi shekaru hamsin da suka wuce. Jerin da ke cikin fim ɗin shi ne na asali.

Hukuncina a kan musunku shi ne Sholay jarumai biyu gare shi, Jai da Veeru, a cikin labarin da yake mallakin Thakur, kuma Dharmendra shi ne babban tauraron fim ɗin a lokacin da aka yi shi. Idan kuka sake zama, ka tsaya a kan cewa Dharmendra ne ya ja jerin sunaye, wannan ba mai ƙwace maka. Idan kuwa aka matsa sai an fitar da mutum guda, to ku fara amincewa da ma'aunin da za ku yi aiki da shi, ko mai buƙata, ko wanda ya fi daɗewa a allo, ko wanda ya yanke shawara mafi tsada. Idan daɗewa a allo kuka zaɓa, ku kunna fim ɗin, mutum ɗaya ya riƙe agogon waya don Jai, wani ya riƙe don Veeru, kowa ya tsayar da nasa idan mutuminsa ya fita daga allo. Ku dai tanadi caji, domin fim ɗin ya haura awa uku.

Wassalam,
Ɗan'uwanka a Gusau.