Wasiƙar Sashen Hausa ga Iyaye da Masu Riƙo: Gwajin Tsakiyar Zango na 'Yan Aji Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da masu riƙon ɗalibanmu, muna gaishe ku daga nan Gusau, da fatan an shiga kaka lafiya. Allah ya sa albarka a abin da aka girbe, ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da hanyoyinmu.

Wasiƙar wannan karo kusan dukkanta a kan gwajin tsakiyar zango ne na 'yan aji ɗaya, wanda yaran ke kira tes. Za a yi shi ranar Talata ta mako na bakwai. Kun san yadda rabon maki yake: 60 na babbar jarrabawa, 40 na ayyukan cikin zango. A kwas ɗin Ƙa'idojin Rubutun Hausa, 20 daga cikin 40 ɗin nan a wannan gwaji suke. Bara na zauna da iyaye da dama waɗanda 'ya'yansu suka ɗauko kariyoba a kwas ɗin, kowa na tambayata yadda Bahaushe zai faɗi Hausa. Da muka buɗe takardu, yawancinsu a wannan gwaji suka zubar da makinsu, wasu ma ba su zauna shi ba. Saboda haka na roƙi malamin kwas ɗin ya ba ni wasiƙar da ya rubuta wa ɗalibai, na sa ta a nan yadda take. Mutum ne da bai taɓa sa na bi shi neman sakamako ba, kuma da jan biro yake bin takardar kowane yaro layi-layi, Allah ya saka masa. Ga abin da ya ce:

Ɗalibaina, ina yi muku sallama.

Za mu fara da ƙarfe 9 na safe a babban ɗakin lakca, mu tashi ƙarfe 10. Da ƙarfe 9:15 zan rufe ƙofa. Kowa ya zo da katin shaidarsa da biro biyu, shuɗi ko baƙi. Ba a karɓar fensir, domin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ takan dushe a fensir har in kasa gane ko an yi ta. Waya ta zauna a ɗakin kwana.

Abin da za a tambaya shi ne abin da muka yi daga makon farko zuwa na shida: baƙaƙe da wasula, haɗa kalmomi da raba su, sai tsarin gaɓa. Karin sauti ba ya ciki, mun taɓa shi ne kawai, sai babbar jarrabawa. Tarihin daidaita rubutu tambaya biyu kacal zai samu, don haka ku riƙe taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, kada ku kwana kuna haddace handawut ɗin gaba ɗaya.

Takardar kashi uku ce. Kashi na farko cike gurbi ne, tambaya 10, kowace rabin maki, jimla 5. Ba zan daɗe a kansa ba, wanda ya zo aji zai wuce shi cikin minti goma.

Kashi na biyu shi ne mai maki 10, kuma a nan nake so ku tsaya. Zan ba ku ɗan gajeren sakin layi mai kurakurai 10, ku sake rubuta shi a gyare, ku ja layi ƙarƙashin duk inda kuka gyara. Kowane gyara maki ɗaya ne. Ga irinsa, da jimla ɗaya mai kuskure shida:

Shine yace zamu tahi gidansu da yamma, har ya bani kudin mota.

A gyare kuwa:

Shi ne ya ce za mu tafi gidansu da yamma, har ya ba ni kuɗin mota.

Ku duba dalilin kowanne, domin dalilin ne zai taimake ku a jimlar da ba ku taɓa gani ba. "Shi" kalma ce mai cin gashin kanta, "ne" ma haka, shi ya sa ake raba su. "Ya ce" wakilin suna ne da aikatau, ba a manne su, kamar yadda ba ku rubuta "yatafi". "Za" tana zama daban da "mu", da "su", da "ka". "Ba ni" aikatau ne da wanda aikin ya faɗa wa, irin "ya gan shi" da "ta kira mu". "Kuɗi" kuwa ba tare da lanƙwasa ba kuskure ne cikakke, ba na ba shi ko rabin maki, domin bambancin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, a wannan 'yar lanƙwasa yake.

Yanzu ku kalli "gidansu". Daidai take, na sa ta ne da gangan. Gajeriyar mallaka a haɗe ake rubuta ta: gidansu, rigarta, kekensa. Doguwar ce ke zama ita kaɗai, kamar a "gidan nan nasu ne". Abin da nake gani duk shekara shi ne ɗalibi ya ji an ce a raba, sai ya bi takarda yana raba duk abin da ya gani, ya mai da "gidansu" ta koma "gidan su", ya tsinka "yana" da "suke" gida biyu. Duk wanda ya ɓata kalmar da take daidai zan cire masa rabin maki. Idan ka ƙirga layukan da ka ja ka ga sun wuce goma, to ka taɓa abin da ba shi da laifi, ka koma ka duba.

Saura "tahi", kuma ita ce ta fi damuna. Ni ma da ita na tashi. A gidanmu "shina zuwa" ake cewa, da "gidanai", da "rigatai", kuma haka nake magana da mahaifiyata har gobe. Hausarmu ta yamma Hausa ce ingantacciya, a aji biyu za mu yi nazarinta a kwas ɗin karin harshe. Amma wannan kwas na daidaitacciyar Hausa ne, wadda za ku koyar a firamare, wadda kuma aka buga littattafan yaran da ita. Saboda haka a takardar gwaji "tafi" nake nema, da "yana zuwa", da "gidansa", da "rigarsa". Cikin kurakurai goman nan, biyu na karin harshe ne. Wahalarsu ita ce kunnenku ba zai ji su a matsayin kuskure ba, za ku karanta su wuce lami lafiya. Shawarata ita ce ku bi sakin layin sau uku: karo na farko ku nemi lanƙwasa kawai, na biyu ku duba haɗawa da rabawa, na uku ku tsaya a kan kowace h da kowane ƙarshen kalma mai nuna mallaka.

Kashi na uku maki 5 ne. Kalma biyar zan bayar, ku yanka kowace gaɓa-gaɓa, ku rubuta tsarinta da B a madadin baƙi, W a madadin wasali. Gaɓar Hausa iri uku ce: BW, da BWW, da BWB. Ɗauki "makaranta". Yankanta ma-ka-ran-ta, tsarinta BW-BW-BWB-BWW. Da yawa za su sa BW a ƙarshe saboda a guda ɗaya suka gani a rubuce, alhali wasalin dogo ne, rubutunmu na yau da kullum ne ba ya nuna tsawo. Kun san garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo rubutunsu ɗaya, baki ne ke ja wa na biyun wasalin farko. Don haka ku furta kalmar a hankali cikin ranku kafin ku rubuta. Haka kuma sh, da ts, da kw, da ky kowannensu baƙi ɗaya ne ko da harafi biyu aka rubuta, shi ya sa "shinkafa" take BWB-BWW-BWW. Kalma irin "aiki" kuma da baƙi ta fara, hamza ce da ba a rubutawa a farkon kalma, tsarinta BWW-BWW. Yanka daidai rabin maki ne, tsari daidai rabin maki.

Ranar Asabar mai zuwa daga ƙarfe 10 zuwa azahar ina ajinmu, za mu gyara sakin layi uku tare a kan allo. Wanda ke da tambaya ya kawo ta a ranar. Allah ya ba ku sa'a.

Malaminku.

To, iyaye, kun ji. Abin da ya rage namu ne da ku.

Na san Talata ranar kasuwar Mafara ce, na kuma san lokacin kai hatsi ne. Duk da haka ina roƙon kada a riƙe mana yaro a ranar don ya raka buhu ko ya tsare rumfa. Bara wani uba ya zo ofishina da kansa, dattijo mai mutunci, ya cire hula ya ajiye a gwiwa yana ba ni haƙuri, ya ce shi ya aiki yaron, laifin nasa ne. Na ji nauyinsa ƙwarai, amma ban iya yi masa komai ba. Ba a sake gwaji sai ga wanda ya kawo takardar asibiti, ko aka yi masa rasuwa ta kusa, kuma a sanar da mu cikin kwana uku. Na faɗa a taron iyaye, ina sake faɗa a rubuce don kada a ce ba a ji ba.

'Yan Gummi, da Anka, da Shinkafi, da Ƙaura, da Tsafe da suka je gida ƙarshen mako, a sallamo su ranar Lahadi da hantsi. Kada a bar yaro ya kama hanya da yamma, kun fi ni sanin dalili. Ɗalibanmu matan aure kuma, ina roƙon mazajensu su taimaka a samu mai riƙe goyo na awa ɗaya, a kuma ɗauke musu girkin safiyar ranar. Suna cikin masu ƙoƙarinmu, bai kamata a rufe musu ƙofa saboda koko da ƙosai ba.

Akwai abin da za ku iya yi a gida ko da ba ku yi boko mai zurfi ba. Ku sa yaron ya karanta muku saƙon da ya rubuta a wayarsa, ku tambaye shi ko haka malaminsa zai yarda a rubuta. Rubutun waya ya ɓata hannun yaran nan sosai, ba lanƙwasa, ba rabawa, kuma abin da hannu ya saba shi yake yi a ɗakin gwaji. Sannan kada wanda ya kira wani malami a kan maki. Wanda ke da ƙorafi ofishina a buɗe yake, za a ɗauko takardar yaron a duba a gabansa.

Wanda zuwansa lakca bai kai kashi 75 cikin 100 ba, sunansa na jikin allon sanarwa, a tambaye shi. Waɗanda ba su kammala rajistar kwas ba su gama kafin Juma'a. Muna godiya ga malamarmu mai kula da ɗalibai mata, wadda ta bi ɗakunan kwana ɗaya bayan ɗaya har ta tabbatar kowace yarinya ta karɓi katinta. Malaman da har yanzu ba su kawo makin aikin gida na farko ba, sun san kansu, ina jira zuwa Litinin. Famfon bayan ɗakin karatu ya gyaru. Sakamakon gwajin zai fito mako biyu bayan an yi shi, in Allah ya yarda, kuma a mayar wa kowane ɗalibi takardarsa. Ku ce ya nuna muku.

Wassalam.

Shugaban Sashen Hausa