Zuwa ga Uwata, kafin ki hau dandamali

Assalamu alaikum.

Uwata, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya karatu? Mu nan lafiya ƙalau, ƙafar ma ta yi sauƙi, har na ajiye sandar.

Yayanki ya kunna mini muryar da kika tura masa, wadda kike gwada jawabin da za ki yi kan bincikenki na sauro a gasar nan ta minti uku. Na san ba ni kika turo wa ba, na kuma san dalili. Duk da haka na saurara sau uku da agogo a hannuna, na kwana ina juya maganar, shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara da mai sauƙin gyara. Kin yi minti uku da daƙiƙa ashirin. A ƙa'idar wannan gasa ta 3MT, wadda Jami'ar Kuwinsland ta Ostareliya ta soma a 2008, wanda ya haura minti uku an fitar da shi ke nan, komai daɗin bakinsa. Na ji kuma a minti na ƙarshe kin kama gudu kamar ana korarki, kina haɗiye ƙarshen kalmomi. Gudu ba zai cece ki ba, rubutun ne ya yi yawa. Mai magana a natse yana furta kalma wajen 130 a minti ɗaya, kin ga gaba ɗaya abin da kike da shi bai kai kalma 400 ba. Ki ƙirga naki. Ki yanke shi har ya tsaya a minti biyu da daƙiƙa arba'in da biyar in kina gwadawa ke kaɗai a ɗaki, domin ranar gasar sai kin tsaya kin ja numfashi, sai kin jira mutane sun kalli allo, kuma agogo ba ya jiran kowa.

Abin yankewa a fili yake. Daƙiƙa arba'in kika ɓata wajen lissafa waɗanda suka riga ki bincike, da sunan na'urar da kika yi aiki da ita, da sunan sauron nan na kimiyya da ni kaina na kasa maimaitawa. Wannan na masu jarraba kundinki ne. Mutanen da za su zauna a gabanki, wani lauya ne, wata tarihi take karantawa. Ki nuna musu abin da hannunki ya yi: kin zuba sauro mata ashirin da biyar a kowane bututu, bututu huɗu, ɗari ke nan, kin bar su awa ɗaya a jikin takardar da aka shafa wa irin maganin da ake sa wa gidan sauro, washegari, bayan awa 24, kin dawo kin ƙirga matattu. Kowa zai ga wannan a idon zuciyarsa. Sai ki ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja layi: in waɗanda suka mutu ba su kai casa'in cikin ɗari ba, sauron wurin ya yi wa maganin taurin kai. Sannan ki faɗi adadinki, guda ɗaya tak. Hoton allo ma ɗaya aka yarda da shi, wanda ba ya motsi. Yayanki ya nuna mini jadawalin da kika shirya, layi-layi cike da lambobi. Cire shi. Ki zana ɗigo ɗari, ki sa wa waɗanda suka rayu jan launi, ki bar hoton ya yi miki rabin maganar.

Duk wannan da shi kaɗai ne, da na bari sai kin kira. Abin da ya hana ni barci jimlarki ta farko ce. Kin buɗe baki kin ce: "Gidan sauron da kuke kwana a ciki ya daina aiki."

Uwata, a ina kika samo wannan? Na karanta babi na huɗu da na biyar na kundinki da kika bar mini, da tabarau da ƙamus, kwana tara ina fama. Babu inda kika gwada gidan sauro a kan mai barci. Sauro kika gwada, a cikin bututu, daga wuraren da kika ɗebo tsutsarsu kawai. Abin da kika gano shi ne maganin ya rage kashe su. Ragar kuwa tana nan, in ba ta yage ba tana tare sauro ko da maganin ya yi rauni. Ke da kanki kika rubuta cewa akwai gidajen sauron da aka ƙara wa sinadarin PBO, mai toshe hanyar da jikin sauron yake bi ya narkar da gubar. Kin san wannan duka, amma kika zaɓi jimlar da za ta sa ɗaki ya yi tsit.

Ki tuna wa zai ji ki. Masana in sun ji kin zarce, za su gyara a ransu su wuce. Wanda ba fanninsa ba ne ba shi da abin gyarawa, abin da kika ba shi da shi zai tafi gida, kuma jimlar farko ita ce take maƙalewa. Irin wannan jawabi ɗaukarsa ake yi a waya, a yanke daƙiƙa goma a yaɗa. Wata uwa za ta ji mai digiri ta ce abin ya daina aiki, dama zafi ya ishe ta, ta naɗe shi ta jefa bayan ƙofa, jaririnta na kwance. Ke ce za ki yi wannan? Ke da kika zauna a bakin gadon nan tare da mu, kika ga abin da muka gani a wancan daren? Ban sayar da filin nan don ki koyi burge alƙalai ba. Wallahi gara ki zo ta ƙarshe.

Na san za ki ce Baba bai canja ba, ba a taɓa yi masa daidai. Wataƙila na tsananta miki tun kina ƙarama, Ummanki ta sha faɗa mini. Amma shekara talatin ina tsaye gaban allo, na ga yadda kuskure ɗaya da malami ya faɗa da ƙarfin murya yake bin yaro har girmansa.

Kuma ba sai kin rasa armashin farkon ba. Gwada wannan: "Na sa sauro ɗari a kan maganin da ya kamata ya kashe kusan dukkansu. Da na dawo washegari, ga adadin da na tarar suna tashi." Sai ki nuna jajayen ɗigon, ki yi shiru daƙiƙa biyu. A ƙarshe ki ware daƙiƙa goma sha biyar, ko me za ki yanke don ki same su, ki ce da bakinki: a ci gaba da kwana a gidan sauro, abin da bincikena yake nema shi ne a riƙa gwada sauron kowane yanki kafin a zaɓi irin wanda za a raba.

In kin gyara, ki karanta wa wadda ba ta san fanninki ba, ki bar ta awa ɗaya, sannan ki tambaye ta me kika ce. In ta ce "gidan sauro ba shi da amfani", to da sauran aiki. Ummanki ta ce ita a shirye take, ki kira ta bayan isha'i.

Wurin da kika kwatanta yadda kike tsotso sauro ɗaya bayan ɗaya da siririn bututu, kada ki taɓa shi. Nan na sa Yayanki ya mayar mini baya har sau biyu, muryarki ta fito sak ta mai sunanki.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'a. In kin sake ɗauka, ki turo mini kai tsaye.

Naki,
Babanki