Wasiƙa Zuwa Tabuka Kan Jarrabawar Lasin Tuƙi

Daga Jidda

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya sanyin Tabuka? Mu nan Jidda gumi muke sha kamar yadda ka bar mu. Saƙon muryar da ka aiko ya iso, na saurare shi da kyau, kuma na ji inda muryarka ta yi ƙasa da ka zo maganar jarrabawar kwamfuta ta lasin tuƙi. Ka ce hannunka ya faɗa a mota, malamin tuƙi ma ya yaba, amma idan ka zauna gaban allon nan sai rubutun ya cuɗe maka, kafin ka gama haɗa tambaya ɗaya gabanka ya fara faɗuwa. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, don 'yar wajenka ta karanta maka a tsanake, ku riƙa komawa kansa. 'Yata, sannu da ƙoƙari, aikin nan da ke za a yi shi.

Kafin komai, a duba idonka. Ai dama sai an yi gwajin lafiya kafin Murur, wato hukumar 'yan sandan hanya, su ba da lasin, kuma har da gwajin ido a ciki, amma kada ka jira ranar. Mutum idan ya haura arba'in, ganin kusa yakan ragu bai ankara ba. Na ga waɗanda suka ɗauka karatu ne ya gagare su, ashe rabin matsalar gilashi ne.

Sauran rabin kuwa na san daga ina yake, tunda allo ɗaya muka yi. An koya mana karatu da wasali, da rubutun Warshu, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Larabcin kwamfuta ba wasali, fa ɗinsa ɗigo ɗaya ne a sama, ƙaf biyu. Ga kuma kalmomin hukuma da ba su cikin Larabcin kasuwa da muke yi kullum. Saboda haka ba zan ce ka zauna ka haddace littafin makarantar tuƙi shafi-shafi ba. Jarrabawar yawanci a kan alamomin hanya da dokokin ba da hanya take, su kuwa alamomin an tsara su ne don direban da ke gudu ya gane su kafin ya karanta komai. Ta nan za ka shiga.

Siffa da launi su ne farkon ma'ana. Mai kusurwa uku da jan baki, tsininta a sama, gargaɗi ce: ga abin da ke gabanka. Da'ira mai jan baki hani ce. Da'ira shuɗiya umarni ce, wato abin da dole ka yi. Biyu ne suka fita daban, kuma da gangan aka bambanta su don a gane su ko ƙura ta rufe fuskarsu: ja mai kusurwa takwas da aka rubuta قف a kanta, wadda ke nufin tsayawa cik, da mai kusurwa uku da aka kifa, tsininta a ƙasa, wadda ke nufin ka ba wasu hanya. Idan wannan ya zauna, alamar da ba ka taɓa gani ba ma za ka ci rabinta.

Bari in ɗauki dawwar, wato shataletale, in nuna maka yadda nake so ku yi da kowace alama. Hoton kibiyoyi uku masu bin juna a zagaye yana zuwa iri biyu. Idan yana cikin mai kusurwa uku, cewa yake yi akwai dawwar a gaba, ka rage gudu. Idan yana cikin shuɗiyar da'ira, ka riga ka iso, kuma umarni ne ka zagaya ta inda kibiyoyin suka nuna. A bakin shiga kuma sau da yawa za ka tarar da mai kusurwa ukun nan da aka kifa. Tana gaya maka cewa wanda ya riga ya shiga dawwar shi ke da hanya, kuma tunda a dama muke tuƙi, ta hagunka zai ɓullo. To 'yata za ta nuna maka hoton, ta rufe rubutun da ke ƙasansa da yatsa, kai kuma ka faɗa da bakinka, da ƙarfi: wace siffa ce, me ke cikinta, me zan yi. "Kusurwa uku, gargaɗi, kibiyoyi masu zagaye, dawwar, in rage gudu in duba hagu." Kada ka yarda da "na gane" a zuci. Abin da baki bai iya faɗa ba bai zauna ba tukuna, kuma a nan ne za ku kama inda kake haɗa alamu biyu wuri ɗaya.

Masu kama da juna su ake kayar da mutane da su, don haka ku riƙa ajiye su biyu-biyu. Akwai shuɗiyar da'ira mai jan baki da jan layi ɗaya a karkace, akwai kuma mai layi biyu da suka gitta juna. Ta farko ta hana ajiye mota a tafi, ta biyu ta fi tsanani, ko ɗan dakatawa ba a yi. Sai dai ka lura da kalmomin da littafin makarantarku ya kira su da su, ka riƙe waɗannan ɗin, don da su tambaya za ta zo.

Lambobi ma ka ba su yini guda nasu. Ka saba da na kuɗi da na waya, amma cikin gaggawa ٦٠ yakan yi kama da saba'in alhali 60 ne, ٥ yakan yi kama da sifiri alhali biyar ce, sifirin kuwa ɗan ɗigo ne. Tsakanin ٧ da ٨ kuma, mai buɗe baki sama bakwai ce, mai kallon ƙasa takwas. Idan ka ga ٨٠ cikin da'ira mai jan baki, 80 ne iyakar gudunka.

Yanzu maganar kunne. 'Yata ta ɗauki tambayoyin gwaji na makarantarku, ba waɗanda ke yawo a waya daga wata ƙasa ba, ta karanta su cikin saƙon murya. Ta karanta tambayar da Larabci yadda take a rubuce, ta fassara da Hausa, ta karanta zaɓin amsoshi, sannan ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta faɗi amsa. Shirun nan shi ne darasin, don a cikinsa kake amsawa. Tambaya goma ta isa saƙo ɗaya. Ka saurara bayan Asuba da lokacin hutun aiki, gajere-gajere kullum, ya fi zaman dare guda mai tsawo. Idan ba ta kusa, wayar Android tana da Select to Speak a cikin saitinta, iPhone kuma tana da Speak Screen, suna karanta rubutun da ke kan allo. Sukan yi kuskuren wasali a Larabci, don haka muryarta ce abin dogaro.

Akwai tarko a nan da na gani da idona. Wani ƙanen matata ya saurari tambayoyin har ya haddace su kamar karatu, amma abin da ya riƙe shi ne "amsar wannan ita ce ta biyu, ta waccan ta uku". Ranar jarrabawa ya tarar jerin ba yadda ya saba ba, ya dawo hannu rabbana. Yadda za ku gane ko kana kan wannan hanyar mai sauƙi ne: ta karanta maka amsoshin daga ƙasa zuwa sama, ko ta ce ka amsa ba tare da ta karanta zaɓin ba. Idan ka rikice, wurin amsar ka haddace, ba dokar ba. Sai ku koma kan hoton, ka faɗi dalili. Da ƙanen matata ya koma ta haka, ya ci.

Duk da haka akwai 'yan kalmomin da nake so idonka ya san su kamar fuskar mutum, ko ba ka haɗa baƙaƙensu ba: ممنوع an hana, مسموح an yarda, يجب wajibi ne, لا يجوز bai halatta ba, أولوية wanda ke da hanya, تجاوز wuce mota. A rubuta kowace da babban rubutu a kwali a manna a bango. Ka fi mai da hankali kan لا, don ƙanƙanuwa ce, ido yakan tsallake ta, kuma ita kaɗai tana juya tambaya gaba ɗaya.

Sai roƙon a yi maka jarrabawar da baki. Na san halinka, kunya za ta so hana ka, amma ba alfarmar a ɗaga maka ƙafa kake nema ba. Tambayoyin su ne dai, amsar kuma daga kanka za ta fito. Kada ka bari sai ranar jarrabawa, lokacin da ma'aikaci ke fama da layi. Ka je makarantar da ƙafarka kafin a tsayar maka da rana, da igamarka a hannu, ka nemi ofishin da ke kula da jarrabawar ilimi, wadda suke kira iktibar nazari. Ka ce masa: "Ana a'arif al'isharat, bas algiraya sa'aba alayya. Mumkin iktibar shafahi?" Wato ka san alamomin, amma karatu na yi maka wuya, ko za a iya yi maka jarrabawar da baki. Daga nan ka bi da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: ko kwamfutar tana da murya da abin sa wa a kunne, ko ma'aikacinsu zai iya karanta maka tambayoyin, waɗanne harsuna ke kan kwamfutar, kuma wace takarda suke so ka kawo. Idan likita ya taɓa rubuta maka wani abu game da ido ko wahalar karatu, ka tafi da shi. Hukuncin nasu ne, su da Murur. Idan na kan tebur ya ce bai sani ba, ka nemi ganin mudir cikin ladabi. Idan an amince, ka roƙi a rubuta a fayil ɗinka, don wanda ya yi maka alkawari ba lalle shi za ka tarar ranar ba. Idan kuma aka ce babu, kwalayen bangon nan da hotunan su ne jarinka, sai ka ƙara mako biyu ko uku kafin ka karɓi rana.

Wanda duk ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka kawo kuɗi a wuce da kai, ka rabu da shi. Igamarka da abincin yaranka kake sa wa a haɗari, kuma dokokin nan a titi za ka buƙace su. Keta jar danja kaɗai tararsa tana farawa daga riyal 3,000, ga kyamarorin Sahir ba sa barci.

Ka turo mini hoton shafukan alamomi na littafinku, zan yi muku saƙon murya na farko don 'yata ta ji yadda ake barin shirun. Ranar Juma'a bayan La'asar kuma zan kira ka in yi maka tambayoyi, amsoshin a hargitse. Maiɗakina tana gaida taka, mutanen Karantina ma suna tambayarka. Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya.

Naka amini har kullum.